Alamar Dala a Excel: Ƙusar da ke Kafe Lissafi

A ce farashin buhun shinkafa yana cikin akwatin B1, adadin buhunan kuwa daga A2 zuwa ƙasa. Idan ka rubuta =A2*B1 ka ja shi ƙasa, layi na gaba zai koma =A3*B2, domin adireshin da ba a ɗaure ba yana tafiya da kai. Akwatin B2 fanko ne, sai ka ga sifili.

Maganin shi ne $B$1, wanda ba ya gusawa ko ina ka kai shi. Akwai kuma gauraye: B$1 yana kafe layi kawai, $B1 yana kafe ginshiƙi.

Yayin da kake rubuta lissafin, ɗora kan adireshin ka danna F4. Kowane dannawa yana juya shi: $B$1, B$1, $B1, sannan ya dawo B1.