Abin da Kukan Kwantakta Ke Faɗa wa Mai Injin Niƙa

A akwatin da ke tayar da moton injin niƙa ko fanfon burtsatse akwai wani makunni da ake kira kwantakta. Idan aka danna koren maɓalli, wuta ta shiga koyil, sai ƙarfen da koyil ɗin ya kewaye ya zama maganaɗisu, ya fizgo ɗan'uwansa, moto ya tashi. Lafiyayyen kwantakta sau ɗaya yake yin "ƙas". Idan ya wuce haka, kukansa iri biyu ne, kuma kowanne da inda ya dosa.

Na farko gurnani ne da ba ya yankewa, alhali moto na aiki. Wutar gari mai 50Hz ce, don haka jan maganaɗisun yakan faɗi ya tashi sau 100 a kowace daƙiƙa. Wani ɗan zoben tagulla da aka dasa a fuskar ƙarfen shi ke riƙe su a wannan tsakani. In zoben ya tsage, ko garin masara, ƙura da tsatsa suka hana fuskokin biyu manne wa juna, sai ƙarfen ya riƙa rawa. Koyil kuma ya ja wuta fiye da kima, ya yi zafi, har ya ƙone. Ma'aikacin lantarki zai kashe wuta daga tushe, ya buɗe, ya goge fuskokin da busasshen ƙyalle. Ba a sa musu mai, domin yana tara ƙura, ba a kuma goga su da magagari. Idan zoben ne ya tsage, sai dai sabon kwantakta.

Na biyu shi ne "ƙaƙaƙaƙ", kamawa da saki. Wannan ya fi haɗari, domin kowane saki tartsatsi ne da ke cinye bakin makunnin. Yawanci raunin wuta ne. An ƙera koyil ya kama sosai tsakanin kashi 85 da 110 cikin ɗari na abin da aka rubuta a jikinsa. Mai 230V ke nan yana son aƙalla 196V.

A ce an ɗora mita a kan A1 da A2. Kafin moto ya tashi layin na da 215V, amma moto kan ja wajen ninki shida na wutarsa lokacin tashi. Idan waya siririya ce ko janareta ƙarami, sai wutar ta zube zuwa 150V. Kwantakta ya saki, wuta ta dawo, ya sake kamawa. Sabon kwantakta ma haka zai yi; gyaran yana ga wayar ko janaretan.

Idan kuwa layi bai faɗi ba amma A1 da A2 na tangaɗi, a bi ƙananan wayoyin da ke kai wa koyil wuta: sukurun da ya kwance, maɓallin tsayarwa da ya yi datti, ko makunnin tanki da ruwa ke kaɗawa. A kuma karanta jikin koyil, kada a ce mai 400V aka ɗora wa 230V.