Tsibirin Lete: Yadda Ake Raba Kogi Tsakanin Ƙasashe Biyu

A taswirar makaranta, iyakar Nijar da Benin layi ne siriri da ke bin Kogin Kwara, wanda mutanen Nijar ke kira Isa. A bakin ruwa kuwa babu layi. Akwai kogi mai faɗi da ke rabuwa reshe biyu ya sake haɗuwa, ga tsibirai a tsakiya, ga masunta da makiyaya da manoma kowa da abin da ya kawo shi. Mafi girman tsibiran nan shi ne Lete, kusa da Gaya, kuma a kansa ƙasashen biyu suka shafe fiye da shekara arba'in suna ja-in-ja.

Asalin matsalar daga Faransa take. Nijar da Dahomi, wato Benin ta yau, duk a hannunta suke, don haka ba ta damu da tantance inda ɗaya ta ƙare ɗaya ta fara ba. Takardunta sun ce kogin ne iyaka, suka yi shiru a nan. To ina a cikin kogin? Gaɓar dama, ko ta hagu, ko tsakiya? Fulani makiyaya na zaune a Lete, manoman tsallaken Dahomi kuma na ganin ƙasar noman kakanninsu ce. A 1960, shekarar da ƙasashen biyu suka sami 'yanci, an zubar da jini a tsibirin. A ƙarshen 1963 dangantaka ta ƙara tsami, Nijar ta sallami ma'aikata 'yan Dahomi, hanyar kayanta daga tashar Kwatano kuma ta toshe.

Hanya uku ake bi idan za a mai da kogi iyaka. Ana iya ɗaukar gaɓa ɗaya, kogin duka da tsibiransa su zama na ƙasa guda. Ana iya auna faɗin ruwan a raba daidai. Ana kuma iya bin hanyar jirgi, wato inda ruwa ya fi zurfi, don kowace ƙasa ta sami damar sufuri. Bambancin ba ƙarami ba ne, domin zurfin kogi ba ya tsayawa a tsakiya: a kan kwana yakan raɓi gaɓar waje inda ruwa ke cin ƙasa, a wajen tsibiri kuma yakan zaɓi reshe ɗaya.

Da ƙasashen biyu suka amince a 2001 su kai maganar Kotun Duniya da ke birnin Heg, Benin ta nemi hanya ta farko. Ta ce iyaka tana gaɓar hagu, ɓangaren Nijar ke nan, saboda haka duk tsibiran nata ne. Nijar ta tsaya a kan hanyar jirgi. Alƙalan suka duba takardun mulkin mallaka ba su sami wadda ta yanke magana ba, sai suka koma ga tambayar da ta fi kusa da rayuwa: wa ke mulkin wurin a aikace? Nan aka fito da wata wasiƙa ta 1914 daga jami'in Faransa mai kula da Gaya, wadda ta ɗauki hanyar jirgi a matsayin iyaka, aka kuma ga cewa daga Gaya ake karɓar harajin mutanen Lete.

A ranar 12 ga Yuli, 2005 aka yanke hukunci. Iyaka ita ce hanyar jirgi kamar yadda take lokacin samun 'yanci. Tsibirin da ke tsakanin layin da gaɓar hagu na Nijar ne, wanda ke ɗaya gefen na Benin. Da wannan ma'auni, cikin tsibirai 25, Nijar ta sami 16 har da Lete, Benin ta sami 9. A Kogin Mekuru kuwa, wanda jirgi ba ya bi, kotun ta raba faɗin ruwan daidai.

Abin da ya fi burgewa a hukuncin shi ne yadda ya ɗaure layin da ma'aunin taswira a wurare 154. Dalili kuwa, kogi yana tafiya. A al'adar shari'ar ƙasa da ƙasa, idan ya matsa a hankali yana cin wannan gaɓa yana ƙara wa waccan, iyaka takan bi shi. Idan ambaliya ta sa ya sauya hanya dare ɗaya, iyaka tana nan a tsohon kwarin da ya bushe. Rarrabe waɗannan biyun ya sa Amurka da Meziko rigimar kusan ƙarni guda a kan wani fili a bakin kogin Riyo Girande, har suka sasanta a 1963 suka kuma yi wa kogin magudanar siminti don kada ya sake gusawa.

Dutse ba ya gusawa, amma shi ma yana da nasa ciwon kai. Inda duwatsu suka raba ƙasashe, galibi ana bin tudun da ke raba ruwan sama, wanda ya gangara nan na wannan ƙasa, wanda ya gangara can na waccan. Haka Ingila da Faransa suka bayyana wurare da dama na iyakar Nijeriya da Kamaru a duwatsun Mandara da Alantika, a yarjejeniyar da suka tabbatar a 1931. Sai dai mutane suna haihuwa, ƙauyuka suna faɗaɗa. A hukuncin 2002, wanda aka fi sani saboda Bakasi, kotun ta tarar da ƙauyukan da suka tsallaka tudun da gidajensu da gonakinsu. Ta ce ba ta da ikon matsar da layi saboda ƙauye ya girma, ya rage wa gwamnatocin biyu su nemo wa mazauna mafita.

Mafi wahalar hali shi ne na yankin da ƙasar wasu ta kewaye ko ta yanke daga uwarsa. Lesoto ƙasa ce sukutum a cikin Afirka ta Kudu. Kabinda lardin Angola ne, amma wani ɗan zirin ƙasar Kwango Kinshasa a bakin teku ya raba shi da sauran ƙasar. Babu inda abin ya yi ƙamari kamar tsakanin Indiya da Bangaladash, inda aka gaji ƙananan yankuna 162 daga zamanin sarakunan gargajiya: 111 na Indiya a cikin Bangaladash, 51 na Bangaladash a cikin Indiya. Har akwai wata gona ta Indiya da ke cikin yankin Bangaladash, shi kuma yana cikin yankin Indiya, wanda shi ma ke cikin Bangaladash.

Mai kallon taswira zai ga abin mamaki ne kawai, amma mazauna wuraren, sama da mutum dubu hamsin, sun sha baƙar wuya. Gwamnatinsu ba ta iya kawo musu makaranta ko asibiti ko ɗan sanda, wadda ta kewaye su kuma ba ta ɗauke su nata ba. Zuwa kasuwa ma ƙetare iyaka ne ba bisa ƙa'ida ba. A tsakar daren 31 ga Yuli, 2015 ƙasashen biyu suka yi musayar yankunan, aka bai wa kowa zaɓi ya zauna ya karɓi sabuwar ƙasa ko ya ƙaura. Mafi yawa sun zauna a gonakinsu, waɗanda suka tashi ba su kai dubu ɗaya ba.

Yanki ɗaya ne aka bari, Dahagiram na Bangaladash. Maganinsa wata 'yar hanya ce da ta ratsa ƙasar Indiya, tsawonta bai kai mita 200 ba. An buɗe ta a 1992 na 'yan sa'o'i a yini, sai a 2011 aka bar mutanen su riƙa wucewa dare da rana.