Ranar Da Shugaba Ya Tashi Ya Sanar Da Sabon Sunan Kamfani

A ranar 7 ga Agusta, 2000, wani mai sasanta rikicin kasuwanci ɗan ƙasar Kolombiya, Guillermo Gamba, ya yanke hukuncin da ya raba kamfanin Andersen Consulting da kamfanin da ya haife shi, wato Arthur Andersen, wanda ya yi suna a binciken kuɗi. Andersen Consulting ya sami 'yancin kansa, amma da sharaɗi mai nauyi: kafin shekarar ta ƙare dole ya ajiye sunan Andersen. Kamfani ne mai ma'aikata kusan 65,000 a ƙasashe da dama, kuma kwana 147 kacal ya rage masa zuwa 1 ga Janairu, 2001.

Nauyin gaya wa waɗannan dubban mutane sunan da za su amsa nan gaba ya faɗa kan shugaban kamfanin, Joe Forehand, wanda bai ma cika shekara a kan kujerar ba. Irin wannan jawabi yakan zo da kiɗa da fitilu da yaye ƙyalle daga kan sabon tambari, har mai kallo ya ɗauka biki ne kawai. Ma'aikacin da ke zaune a zauren kuwa wasu tambayoyi ne a ransa. Me ya kawo canjin? Yaushe zai fara aiki? Ina makomar aikinsa da albashinsa?

Tambayar farko ba ta ba Forehand wahala ba, domin dalilin a fili yake, hukunci ne ya tilasta. Inda ya yi dabara shi ne tun kafin ranar jawabin. Kamfanin ya ɗauki ƙwararrun raɗa wa kamfanoni suna na Landor Associates, amma kuma ya buɗe gasa ga ma'aikatansa, kowa ya kawo sunan da ya ga ya dace. Aka tara sunaye sama da 2,600. Daga nan lauyoyi suka shiga tacewa, saboda sunan da ya yi daɗin faɗa yana iya kasancewa wani ya riga ya yi masa rajista a wata ƙasa, ko adireshinsa na intanet yana hannun wani, ko kuma ya zama zagi a wani harshe. A ƙarshe sunan da ya tsira daga hannun wani ma'aikaci ɗan Denmark da ke ofishin kamfanin na Oslo ya fito: Accenture, wanda aka harhaɗa daga kalmomin Turanci masu nufin mai da hankali kan gaba.

A ranar 26 ga Oktoba, 2000, kwana 80 bayan hukuncin, Forehand ya sanar da sunan. Yana da abin da shugabanni kaɗan ne ke samu a irin wannan rana: zai iya gaya wa ma'aikata cewa ɗaya daga cikinsu ne ya raɗa sunan, kuma gaskiya ya faɗa. Mutumin da aka nemi shawararsa, ko da ba a ɗauki tasa ba, ba ya jin an yi masa ɗauki-ɗora.

Ranar fara aiki ma ba a bar ta a duhu ba. Tallace-tallacen kamfanin sun riƙa ɗaukar 01.01.01, wato 1 ga Janairu, 2001, kuma tsakanin sanarwa da wannan rana akwai kwana 67. A cikin kwanakin ne aka sauya allunan ofisoshi, katin shaida, takardun wasiƙa, adireshin imel da duk abin da ke ɗauke da tsohon suna. Wannan ne ɓangaren da shugabanni da yawa ke tsallakewa don ba shi da armashi, alhali mai amsa waya a ƙofar ofis yana buƙatar sanin da wane suna zai gaisa da mutane gobe da safe, akawu kuma yana son sanin wane suna zai rubuta a kan rasit.

An yi wa sunan dariya a jaridu, ana cewa ba shi da ma'ana. Sai ga badaƙalar kamfanin makamashi na Enron ta fashe a ƙarshen 2001, ta ja Arthur Andersen, mai binciken asusunsa, zuwa rushewa a 2002. Sunan da aka tilasta wa Accenture ajiyewa ya zama abin gudu. Wannan sa'a ce, ba hangen nesan kowa ba.

A daidai wannan lokaci Birtaniya ta ga akasin haka. Hukumar gidan waya ta ƙasar ta koma Consignia a 2001, sunan da masu raba wasiƙa ba su ga alaƙarsa da aikinsu ba, har ƙungiyar ƙwadagonsu ta ƙi amfani da shi. Kafin shekarar ta ƙare aka fara maganar rage ma'aikata har 30,000, sabon sunan ya zama abin da mutane ke tunawa da sallama. A 2002 aka watsar da shi, aka koma Royal Mail. Alamar cewa suna bai shiga ba ita ce wannan: watanni sun wuce amma ma'aikata na kiran tsohon suna a tsakaninsu, wasu ma suna neman afuwar abokan ciniki kafin su ambaci sabon.

Tambaya ta uku, ta makomar aiki, ita ce mafi nauyi, kuma masu riƙe da waya a Najeriya sun san dalili. Layin da ya fara da Econet a 2001 ya zama Vmobile, ya koma Celtel a 2006, Zain a 2008, sannan Airtel a 2010, kuma galibin sauyin ya biyo bayan canjin masu kamfani ne. Haka Etisalat ta zama 9mobile a Yulin 2017 bayan rikicin bashin dala biliyan 1.2 da bankuna. Ma'aikacin da ya ga wannan tarihi, idan aka ce masa suna ya canza, abin da zai fara zuwa ransa shi ne an sayar da kamfani.

Saboda haka wajibi ne shugaba ya bambanta abu biyu da bakinsa. A dokar kamfanoni ta Najeriya, canza suna yana buƙatar ƙuduri na musamman daga masu hannun jari, da rinjayen kashi uku cikin huɗu na ƙuri'u, da amincewar hukumar rajistar kamfanoni, CAC, wadda za ta ba da sabuwar takardar shaida. Dokar ta bayyana cewa canjin suna ba ya goge haƙƙi ko bashin da ke kan kamfani. Kwantiragin ma'aikaci, shekarun da ya yi yana aiki da haƙƙoƙin da ya tara suna nan daram. Sayar da kamfani ko haɗe shi da wani kuwa magana ce daban, kuma idan ita ce a ƙarƙashin sabon sunan, ɓoye ta a ranar biki yaudara ce. Shugaban da ya yi alkawarin ba za a kori kowa ba alhali ya san akwai jerin sunaye a aljihun tebur, ya zubar da amanar da ba zai sake samu ba.

Ma'aikacin da aka gayyata irin wannan taro ya saurari dalilin canjin, ya rubuta ranar fara aiki da sabon suna, sannan ya duba ko lambar rajistar kamfanin, wadda ake kira RC, tana nan yadda take. Idan suna kawai aka canza, lambar ba ta canzawa. Idan ta canza, wani kamfani ne daban, kuma yana da 'yancin neman a rubuta masa matsayin shekarun aikinsa kafin ya sa hannu a sabuwar takarda.