Yabon da ba na roƙo ba: tsintuwa daga Kado

Jama'a, a Kasuwar Kifi ta Kado lokacin yabo ya fi kalmominsa tasiri. Ka yabi tarwada kafin a yi ciniki, kuɗinta ya tashi. Ka ce wa mai ita "kai mutumin kirki ne" hannunka na aljihu, ya san ragi kake nema. Biya tukuna, malam, bakin ba guduwa zai yi ba.

Masu gyaran kifi kuwa "sannu da ƙoƙari" ba ta ko sa su ɗaga kai, don tun safe suke jin ta. Amma ka koma washegari ka ce, "Ɗan'uwa, jiya ka cire matsarmamar ba ta fashe ba, miyar ko ɗaci babu, kuma gunduwar duk kai ɗaya," sai ka ga an ajiye wuƙa ana murmushi. Wannan ba a haddace shi a mota, sai wanda ya ci kifin.

A gida, yabon girki mafi tsada shi ne wanda ya suɓuce. Mutum na tsakiyar loma ya ɓarke da zancen filin da zai saya a Jahi, yara su kwashe da dariya: "Baba, santi!" Uwargida ta karɓi lambarta ba tare da an yi jawabi ba.

In kuma da gangan za a yi, "Hajiya, abinci ya yi daɗi" kowa ya iya. "Daddawar nan daidai kika sa ta" ita ke nuna harshe ya je aiki.

Yabon yaro sai da rakiya. Ka ce yana da kaifin ƙwaƙwalwa ka manta tubarkalla, in ya kwana da zazzaɓi bakinka za a tuna. Kambun baka ba ya karɓar uzuri!

Ɗan fari ma yana shan nasa. Uwa mai alkunya ba ta kama sunansa balle ta yabe shi, sai dai ya tsinta a bakin gwaggo cewa an ce "yaron nan akwai riƙon amana." Yabon ya zagayo ta Gwarinpa, amma ya iso.

Mai gadin layi ya san masu kiransa "ranka ya daɗe" don a buɗe ƙofa bayan sha biyun dare. Wanda ke ratsa shi shi ne a faɗa wa shugaban masu gidaje, shi yana tsaye yana ji, cewa ya rufe famfon da aka bari a buɗe. Ƙarshen wata ma ya shaida.

Hula dai a yi hattara. Ka cika yabon ta dattijo mai kyauta, ya tuɓe ya miƙa maka, ga tukwici ya hau kanka. Yabi wanda ya iya zaɓe, ka bar masa abarsa a ka.