Muryar Shagon Ɗinki a Talla

Muryar shago ita ce salon maganar da yake yi da masu kawo ɗinki. Ana zaɓarta gwargwadon mutanen da ake wa aiki. Telan da ke ɗinka wa magidanta manyan riguna zai yi amfani da "ku" cikin ladabi, misali "Alhaji, ɗinkinku ya kammala." Mai ɗinka wa 'yan mata ankon biki kuwa tana iya sakin fuska da 'yar raha.

Bayan an zaɓa, sai a rubuta gaisuwa ɗaya, da sunan shago, da yadda ake faɗin farashi da ranar karɓar kaya, a ba duk mai rubuta talla. Kafin a buga takardar talla, a karanta ta tare da saƙon WhatsApp na ƙarshe. Idan suka yi kama da maganar mutum biyu, salon ya kauce, sai a gyara.