Me Ya Sa Karɓar Haraji Daga Kasuwa Ke Yi Wa Gwamnati Wuya?

Malamin makarantar gwamnati ba ya ma ganin harajinsa. Kafin albashi ya shiga asusunsa an riga an cire, domin wanda ke biyansa ya san adadin, kuma doka ta ɗora masa nauyin cirewa ya miƙa wa hukuma. Ɗan kasuwar da ke Kantin Kwari ko Dawanau a Kano kuwa, ko da abin da yake samu ya ninka albashin malamin sau goma, babu wani na uku da ke rubuta cinikinsa. Tsabar kuɗi ake ba shi, rasit sai wanda ya nema, lissafin kuma yana cikin kansa ko a wani ɗan littafi da shi kaɗai ke gane rubutun. Tushen matsalar ke nan: harajin samu yana buƙatar shaida a kan abin da mutum ya samu, sana'ar da ba ta da rajista kuma ba ta barin irin wannan shaida.

Ko mai sana'ar ya so faɗin gaskiya, sau da yawa shi kansa bai san ribarsa ta shekara ba. Aljihu ɗaya ne ke ɗaukar kuɗin saro kaya da na cefane da zubin adashe da gudummawar biki. Ga kayan da ya karɓo bashi, ga wanda ya bayar bashi ba a biya ba. Sai kuma tsadar karɓar kanta. Idan jami'i zai yi yini yana bin mai shayi da mai faci da mai wankin hula don ya karɓi naira ɗari biyar-biyar, albashinsa da kuɗin mai da buga rasit na iya cinye abin da ya tara. Kamfani babba guda ɗaya kan biya abin da dubban masu tireda ba za su haɗa ba, shi ya sa hukumomi ke fi mayar da hankali can.

Dabarar da ta fi yaɗuwa ita ce harajin ƙiyasi. Tunda ba a iya ganin riba, sai a duba abin da ido ke gani: girman shago, unguwar da yake, yawan kekunan ɗinki, ko kujerun mota, a yanka wa mutum adadi. A Nijar da sauran ƙasashe da dama masu amfani da Faransanci akwai dunƙulallen haraji da ƙananan 'yan kasuwa ke biya a madadin haraji iri-iri. Ghana ta fito da tambarin haraji a 2005, wanda tela ko mai aski ke saye duk bayan wata uku. Gyaran dokar harajin samu ta Najeriya na 2011 shi ma ya ba da damar ƙiyasi ga wanda ba shi da littafin lissafi.

Inda ƙiyasi ke kuskure yana fitowa fili idan aka yi lissafi. A ɗauka an ce kowa ya biya kashi 1 cikin 100 na cinikinsa. Mai hatsi ya saro buhu 100 a kan naira 40,000 kowanne, ya sayar a kan 42,000. Cinikinsa ya kama naira miliyan 4 da dubu 200, amma abin da ya hau kai 200,000 ne kawai. Idan ya fitar da 80,000 na mota da 'yan dako da la'ada, ribarsa 120,000 ce. Harajinsa zai zama 42,000, wato fiye da kashi ɗaya cikin uku na ribar. Tela kuma da ya yi ɗinkin naira 300,000 a wata, ya kashe 100,000 a zare da man janareta da haya, ribarsa 200,000, harajinsa 3,000 kacal. Tela ya fi riba, mai hatsi ya fi shi biya har sau goma sha huɗu. Don haka tsarin da aka yi da lura yakan raba sana'o'i rukuni-rukuni, ya kuma ware waɗanda samunsu bai kai wani mizani ba. Sai dai mizanin ma yana da tasa illar: wanda ya kusa tsallake shi yakan raba shagonsa biyu, ɗaya da sunan ƙaninsa.

Dabara ta biyu ita ce bi ta hannun ƙungiyoyi, domin shugaban tasha ko sarkin kasuwa ya san mutanensa fiye da kowane jami'i. Ghana ta gwada haka daga 1987, inda ƙungiyar direbobin haya ke karɓar haraji a tashoshi a madadin gwamnati. An samu masu biya da yawa, amma kuɗi na maƙalewa a hanya, gwamnati kuma na jin nauyin matsa wa ƙungiyar da take buƙata a siyasa. A 2003 aka koma sayar da takardar da direba ke mannawa a gilashin mota. Alamar lalacewar irin wannan tsari ba ta ɓuya: rasit babu lamba, adadi na sauyawa gwargwadon fuskar mai biya.

Dabara ta uku ita ce tare kuɗin a inda yake wucewa, wato banki da waya. Ghana ta fara cire kashi 1.5 cikin 100 daga kuɗin da ake turawa ta waya a watan Mayun 2022, da hujjar cewa ta haka za a kai ga masu sana'ar da ba sa biya. Mutane da yawa suka koma tsabar kuɗi, abin da aka tara ya gaza hasashe nesa ba kusa ba. Aka rage shi zuwa kashi 1 a 2023, aka soke shi a 2025. Irin wannan haraji ba ya bambance kuɗin ciniki da wanda ɗa ya tura wa mahaifiyarsa na magani.

Kuskure ne kuma a ce 'yan kasuwa ba sa biyan komai. Mai rumfa na biyan kuɗin rumfa da na shara da tikitin kullum, mai ɗauko shanu ko tumatir zuwa kudu na biya a shinge bayan shinge. A 1998 Najeriya ta kafa dokar da ta jera harajin da tarayya da jiha da ƙaramar hukuma za su iya karɓa, amma karɓe-karɓen da ba sa cikin jerin ba su daina ba, kuma da yawansu ba sa isa baitulmali. Mutanen Arewa ba su manta da haraji da jangali ba, waɗanda gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke bayan hawansu mulki a 1979. Wanda ya biya sau biyar bai ga kwalbati ko fitila a kasuwarsa ba, da wuya ya yarda da na shida.

Sababbin dokokin harajin Najeriya da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025 sun yafe haraji a kan naira 800,000 ta farko da mutum ya samu a shekara, wanda hakan amincewa ce cewa bin ƙananan ba ya biyan wahalarsa. Kuɗin da ke zurarewa da gaske yana wurin manyan da suka fake a cikin ƙananan: dillalin da ke sauke tirela, mai gidajen haya, mai shigo da kaya da kwantena. Su kuwa suna barin sawu a kwastan da banki da ofishin filaye, kuma haɗa waɗannan bayanai da lambar shaidar mai biyan haraji ya fi aika matasa da sanduna cikin kasuwa arha da amfani.