Me Ya Sa Farashin Hannun Jari Ke Faɗuwa Bayan Kamfani Ya Sanar da Riba?

Sau da yawa mai ƙaramin jari kan ji kamfaninsa ya sanar da ƙarin riba, washegari kuma ya tarar farashi ya faɗi, sai ya ce an cuce shi. A mafi yawan lokuta ba cuta ba ce. Rashin sanin yadda farashi ke samuwa ne.

A kasuwar hannun jari ta Najeriya da ke Legas, wadda ta fara ciniki a 1961, ba kamfani ke yanka farashin yau da kullum ba. Mai saye yana miƙa tayinsa ta hannun dillali, mai sayarwa kuma yana faɗin inda zai sallama. Idan tayi mafi tsoka Naira 79 ne, mai sayarwa mafi sauƙi kuma yana neman Naira 80, babu ciniki har sai ɗayansu ya matso. Farashin da ake bugawa shi ne inda aka daidaita a ƙarshe.

To me ke sa mutum ya taya Naira 80? Mu ƙaddara wani kamfani ya ci ribar Naira 6 a kan kowane hannun jari bara, kuma ana kyautata zaton bana zai ci Naira 10. Idan masu saye sun yarda su biya ninki 8 na ribar shekara, farashi zai kai Naira 80 tun kafin sakamako ya fito. Wato an riga an sayi labarin.

Sai sakamako ya nuna Naira 8. Riba ta ƙaru da kashi ɗaya bisa uku, amma ta gaza abin da aka biya kuɗi dominsa. Ninki 8 na Naira 8 shi ne Naira 64, don haka masu saye za su janye zuwa can. Ƙa'idar kasuwar ba ta barin farashi ya hau ko ya sauka fiye da kashi 10 cikin ɗari a yini. Ranar farko zai tsaya a Naira 72, ta biyu a Naira 64 da kwabo 80.

A nan haɗarin yake. Wanda ya ga Naira 72 a allo yana iya zaton zai sayar a haka, alhali masu sayarwa sun yi layi babu mai tayawa. Farashin da babu mai saye a bayansa rubutu ne kawai.

Saboda haka, kafin ka ba dillalinka umarni, tambaye shi abu biyu: hannun jari nawa ake nema, nawa aka kasa, kuma farashin yau ninki nawa ne na ribar da kamfanin ya ci a zahiri. Idan ninkin ya yi yawa, ka sani akasarin kuɗinka fata za ka saya da shi.